Wata Ashirin da Biyu

Shekara goma sha ɗaya ina bayan tagar ɗakin kati a asibitin gwamnati, amma a takarda sunana ma'aikaciyar wucin gadi. Duk ƙarshen shekara sai a sabunta mini kwantiragi, in sa hannu, in ce na gode. Ni na san inda katin kowane mai hawan jini yake, ni na san kantar da ƙafarta ke rawa, ni ake kira idan likita ya fara faɗa fayil ya ɓace. Ana nan sai aka liƙa sanarwa a allon bakin ofis cewa za a ɗauki jami'in ɗakin kati na dindindin, mutum ɗaya, kuma daga ranar da ya kama aiki an soke gurbin wucin gadi. Wato ko in samu kujerar, ko in tattara kofin shayina da dardumata in koma gida, wani baƙo ya zo ya zauna a kan aikin da na gina.

Ban damu ba da farko, ba zan ɓoye muku ba. Na ce wa zai ja da ni? Shugaban sashenmu ma cewa ya yi in cike fom kawai don cika ƙa'ida. Na je shagon masu buga takardu na biya aka yi mini takardar tarihin aiki mai shafi uku, har da hotona a kusurwa da wani zane shuɗi a gefe. Yaron shagon ya zuba mini kalmomi masu daɗi, wai ni mai ƙwazo ce, mai haƙuri, mai son aiki da jama'a. Mai haƙuri! Da mijina ya karanta wannan layin sai da shayi ya sarƙe shi.

Fom ɗin kuwa shafi takwas ne, an haɗo shi da kwafin sanarwar. Na zauna a kan tabarma ranar Asabar da hantsi na gama da shi kafin ruwan wanka ya yi zafi. A shafi na biyar da na shida akwai manyan akwatuna biyar, kowanne da tambayarsa, kowanne an ce kada a wuce kalma ɗari da hamsin. Na ga ba dalilin in maimaita abin da na riga na biya aka buga, sai na rubuta a huɗu daga ciki: a duba takardar tarihin aikina da ke haɗe. Na sa a ambulan, na ajiye a kan talabijin.

Mijina ne ya kawo maganar Baba. Baba mahaifinsa ne, muna gida ɗaya, shi da Inna a sashen gaba, mu a na baya. Ya yi shekara talatin a ofishin ɗaukar ma'aikatan gwamnati kafin ya yi ritaya, kuma rabin shekarun nan a teburin tantance masu neman aiki ya yi su. Mutum ne dogo, marar yawan magana, kullum da biro biyu a aljihun gaba, baƙi da ja, kamar gobe zai koma ofis. Tsakanina da shi gaisuwa ce daga bakin ƙofa, in durƙusa, ya amsa, in wuce. Tun da aka kawo ni gidan bai taɓa kama sunana ba, ni kuma ban taɓa haɗa ido da shi ba. In yana son wani abu daga wurina sai ya faɗa wa Inna, Inna ta faɗa wa mijina, mijina ya manta.

Wani abu nasa kuma yana ba ni haushi tun da daɗewa. Yana da ciwon suga, duk Talatar farko ta wata yana zuwa asibitinmu. Sau nawa na aika masa cewa ya turo lambar katinsa tun da safe in fitar masa, ya ƙi. Sai ya zo ya bi layi, ya zauna a kan benci cikin jama'a yana duba agogo, abokan aikina suna zolayata wai surukina ya zo duba ko ina aiki. Ni a raina na ɗauka raini ne, ko kuma girman kai irin na tsofaffin ma'aikata.

Don haka da mijina ya ce bari ya kai wa Baba ambulan ɗin ya duba, na ce ya kai, ai ba abin da zai gani. Bayan la'asar sai ga Inna da kanta a ƙofar ɗakina, ta ce Malam yana kira, kuma ya ce in zo da sanarwar aikin gaba ɗayanta. Na yafa mayafi na bi ta.

Yana zaune a kujerarsa ta baranda, ya ɗora fom ɗin a kan ƙaramin tebur. Bai taɓa ainihin fom ɗin da biro ba, ya aika an yi masa kwafi, a kan kwafin ya yi aikinsa. Na zauna a ƙasa can gefe, Inna ta zauna a tsakaninmu tana gyaran wake. Ya turo kwafin wajen Inna, Inna ta turo mini. A gefen kowane akwati akwai lamba da jan biro. Sifili, sifili, sifili, sifili, uku. A ƙasa ya ja layi ya rubuta uku cikin ashirin.

Na manta da kunya na ce Baba ai sun san ni, shekara goma sha ɗaya nake musu aiki.

"Ba su san ki ba," in ji shi, idonsa a kan tebur. "Shafin da ke da sunanki da hotonki ana cire shi tun a ƙofa, a ba ki lamba. Wannan mai shuɗin zanen kuma ba zai kai teburinsu ba. Abin da ke cikin akwati kaɗai suke ba wa maki."

Sai ya sa na buɗe sanarwar. Ashe bayan shafin farko akwai wasu shafuka biyu na bayani waɗanda ko kallonsu ban yi ba, na ɗauka surutun gwamnati ne. A nan aka rubuta komai ɓaro-ɓaro. Ba a karɓar takardar tarihin aiki a madadin fom. Akwatuna huɗu na farko sharuɗɗan dole ne, na biyar na ƙarin fifiko. Kowane akwati maki huɗu ne, kuma wanda ya samu ƙasa da biyu a ɗaya daga cikin na dole ya fita, ko da ya cinye sauran. Mutum shida mafi yawan maki za a kira ganawa. Baba ya ƙara da abin da takarda ba ta faɗa ba. Ya ce kafin fom ya kai ga masu ba da maki, akwai magatakarda da ke zaune da jerin abubuwa a gabansa: an cike da baƙin biro, an sa hannu, an sa kwanan wata, kwafin takardun shaida suna da tambarin tabbatarwa, ba a bar gurbi ko ɗaya fanko ba. Duk wanda ya faɗi a nan, ba mai karanta nasa ma. Sannan mutum uku su karanta kowa shi kaɗai, kowa ya ba da makinsa, su haɗu su daidaita. Ko shugaban sashenmu yana cikinsu, ba shi da ikon ba ni maki a kan abin da ya sani a kansa, sai abin da na rubuta.

Na duba nawa. Na bar gurabe shida fanko saboda ba su shafe ni ba. Ya ce a irin wannan sai a rubuta bai shafe ni ba, don magatakarda ba boka ba ne, bai san ko mantawa na yi ba.

Na koma ɗaki na sauke fushina a kan mijina, bawan Allah, shi da ba ruwansa. Na ce mahaifinsa ya daɗe yana neman inda zai nuna ban iya komai ba, yau ya samu. Ya bar ni na gama, sannan ya tambaye ni ko akwai abin da Baba ya faɗa wanda ba ya cikin takardar. Na harare shi. Babu, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Saura kwana tara a rufe karɓa. Na karɓo sabon fom a ofis, Baba ya ce in adana shi a ƙasan akwatin kaya, ba za a taɓa shi ba sai an gama komai a kan kwafi. Daga ranar, duk bayan la'asar ina baranda, Inna a tsakiya.

Ya fara da tarihin aiki. Takardata mai ado ta ce na yi aiki daga shekarar da na fara zuwa yau, layi ɗaya. Fom kuwa yana son wata da shekara na kowane kwantiragi, da bayanin duk wani giɓi. Akwai wata bakwai da na yi a gida lokacin da na haifi tagwaye, ba a sabunta mini ba sai da na dawo. Na so in haɗiye su, na ce wa zai lura. Ya ce fayil ɗina yana ofishin ma'aikata, bene ɗaya da inda za a zauna tantancewa, kuma haihuwa ba laifi ba ce da za a ɓoye. Na rubuta: wata bakwai, hutun haihuwa.

Sai akwatunan. Ya sa na ja layi a ƙarƙashin kalmomin kowane sharaɗi, ya ce amsa ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake bin jerin cefane. Sharaɗi na biyu yana cewa sanin ƙa'idojin sirrin bayanan marasa lafiya da aiki da su. Na rubuta cewa ni mai riƙon amana ce. Ya ba ni ɗaya. Ya ce duk mutum ɗari biyun da za su nema masu riƙon amana ne a bakinsu, a ba shi rana ɗaya da abin ya faru. Yana son abu huɗu a kowane akwati: yaya abin yake, me aka ɗora mini, me na yi da hannuna, me ya biyo baya. Sai na tuna mutumin da ya zo da babbar mota yana neman fayil ɗin matar ƙaninsa, ya yi lallashi, ya yi barazana, na hana shi sai da rubutaccen izininta, na kai rahoto, daga baya aka liƙa ƙa'idar a jikin taga. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce wannan shi ne amsar, in rubuta. Na rubuta kalma ɗari da tamanin da huɗu. Ya sa na ƙirga da bakina, ya ce abin da ya wuce ɗari da hamsin ba a karantawa, kuma ni a ƙarshe na ajiye sakamakon, wato naman ne za a yanke. Muka zubar da gaisuwa da gabatarwa, ya dawo ɗari da arba'in da bakwai.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne faɗar abin da na yi a gabansa. Mace ta zauna gaban surukinta tana cewa na yi kaza, na gyara kaza? An ba ni tarbiyya, ko da bakina yana da kaifi. Sai in riƙa laɓewa a bayan abokan aiki, in ce sashenmu ya yi, Allah ya taimake mu muka yi. Shi kuma sai ya tambayi Inna, wai sashen ne ke neman aikin? Inna ta ce ita dai wake take gyarawa, a bar sa ta a shari'a.

Rigimar gaske a akwati na biyar ta tashi, wanda na samu uku a farko. Sharaɗin yana cewa an fi son wanda ya shugabanci ma'aikata, kuma bayanin ya fayyace: shekara biyu ko fiye maki huɗu, tsakanin shekara ɗaya da biyu maki biyu. Ni na rubuta shekara biyu, domin sau uku ina riƙe sashen, lokacin da shugabanmu ya tafi karatu, da lokacin jinyarsa, da wani dogon hutu. Baba ya ce ya rage ɗaya don ban kawo hujja ba, kuma ukun da ya ba ni ma na wucin gadi ne kamar aikina, in kawo takardun miƙa aiki. Na kwaso su daga tsohuwar jaka. Ya jera su, ya ƙirga da bakin biro. Wata goma sha huɗu, wata biyar, wata uku. Ashirin da biyu.

Na ce Baba wata biyu ne fa kacal. Na ce ko lokacin da shugaban yake nan ai ni ke yin aikin, kowa ya sani, har masu shara. Na ce maki biyu za su iya zama tsakanina da titi, kuma jikokinsa ne ke cin abincin. Muryata ta hau, har Inna ta ajiye faranti ta dube ni. Ban taɓa yi masa magana haka ba.

Bai yi fushi ba. Ya buɗe shafi na takwas ya sa yatsa a kan layin da ke saman wurin sa hannu, inda aka ce duk bayanin da aka samu ba gaskiya ba ne zai soke neman, ko ya jawo kora ko da an riga an ɗauki mutum.

"Idan kin rubuta ashirin da huɗu, kujerar ba taki ba ce, aro ce, duk mai jin haushinki zai iya zuwa ya karɓe," in ji shi. "Rubuta ashirin da biyu. Makin nan biyu suna akwati na huɗu, kin bar su a ƙasa."

Akwati na huɗu yana neman misalin wani gyara da mutum ya kawo a tsarin aiki. Ni na rubuta cewa ina zuwa da wuri ina share kantoci, ya ba ni biyu da ƙyar. Na ce ba ni da wani abu kuma. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙaramin littafin da yake rubuta awon sugansa. Ya ba Inna, Inna ta ba ni. A kowane layi akwai kwanan wata, da awon suga, sai wata lamba a gefe. A shafukan farko lambar tana hamsin da biyar, sittin, arba'in da takwas. Na yi ta buɗawa. Shekara huɗu da suka wuce, a cikin wata uku, ta gangaro ashirin, sannan goma sha biyar, sannan ta zauna a goma sha biyu.

"Mintin da nake yi daga ba da lamba zuwa fitowar kati," in ji shi. "Me ya faru a wannan shekarar?"

A shekarar ce rufin ɗakin ya yi yoyo, fayiloli suka jiƙe, aka kwashe su aka zube a baranda. Da za a mayar, na roƙi shugabanmu ya bar ni in sauya tsarin. Na daina jera su bi da bi daga lamba ta farko, na koma jerawa da lambobi biyu na ƙarshe, don kada sababbin fayiloli su taru a kanta ɗaya mutum huɗu suna gware a gabanta. Na liƙa launi a bayan kowanne, yadda wanda aka sa ba wurinsa ba zai fito fili. Na sa a riƙa ajiye ɗan kwali a gurbin duk fayil ɗin da ya fita, da sunan ɗakin da ya tafi. Na koya wa mutum biyar. Ban sa ko ɗaya a takardar tarihin aikina ba, domin a wurina ba wani abu ba ne, gyaran ɗaki ne bayan ruwa.

Na zauna da littafin a hannu, hawaye na ɗiga a mayafina, ina jin kunya da daɗi a lokaci guda. Shekara da shekaru ina zagin tsohon nan a zuci saboda bencin nan da agogon nan.

Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce littafin tsoho ba hujja ba ne a gaban kwamiti, in je ofishin kula da ingancin aiki in nemi rahoton lokacin jira na shekarar da ta gabaci gyaran da wadda ta biyo baya. Na je washegari. Matar ofishin ta sha ƙura kafin ta samo su. Minti hamsin da biyu, sannan minti goma sha huɗu. Waɗannan lambobin na sa, ba na Baba ba, tare da sunan rahoton. Da ya karanta akwatin ya daɗe, sannan ya rubuta huɗu. Shi kaɗai ne huɗun da ya ba ni, jimla ta tsaya goma sha biyar.

Na kwafe komai a ainihin fom da baƙin biro, a hankali kamar mai zaren allura. Na kai takardun shaidata aka buga musu tambari, na sanar da mutum biyun da na sa a matsayin masu ba da shaida a kaina, na sa hannu, na sa kwanan wata. Baba ya bi shafi takwas ɗin da yatsa, ya ce a kai yau, kada a jira ranar ƙarshe, kuma in karɓo takardar shaidar sun karɓa. Na kai saura kwana biyu.

Bayan sati biyar aka kira ni ganawa. Kafin a shiga, wata magatakarda mai tabarau tana duba ainihin takardun kowa tana gwada su da fom. Mutumin da ke gabana, da kwat ɗinsa mai kyau, ta tambaye shi takardar da ke nuna shekara uku da ya rubuta, ya fara kame-kame, ta rufe fayil ɗinsa ta ce ya jira a waje. Ba a sake kiransa ba. Da ta zo kaina ta jera takardun miƙa aikin nan uku ta ƙirga da yatsu, ina kallon leɓenta. Sha huɗu, sha tara, ashirin da biyu. Ta duba fom, ta yi alama, ta ce in shiga. Na wuce ina tuna abin da na so in rubuta a wurin.

A ciki, rabin tambayoyin a kan akwati na huɗu suka tsaya, kuma a kan wannan ko barci nake a tashe ni zan yi bayani.

Takardar ɗauka ta zo ranar wata Alhamis. Na kai wa Inna, Inna ta kai masa, ta dawo ta ce ya ce madalla, kuma in duba ranar da aka ce in kai takardar amincewa kada ta wuce. Shi ke nan abin da ya ce. Na so in ji haushi, na nema na rasa.

Talatar farko ta watan da ya biyo baya ina bayan taga, sai na hango shi a layi, na goma sha ɗaya, da hularsa da birukansa biyu. Abokiyar aikina ta taɓa ni ta ce in fitar masa mana, yanzu ai ni ce mai ɗakin. Na ce ta bar shi. Da layi ya zo kansa ya faɗi lambarsa kamar kowa, ya koma benci. Da katin ya fito na kira lambar, ya taso, ya karɓa, ya duba agogo. Ya ciro ɗan littafin ya rubuta a kan katakon tagar, a inda zan iya gani, sannan ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun da aka kawo ni gidansa.

"Minti tara," in ji shi. "Sannu da aiki, 'yata."